Yadda na'ura mai zango uku ke gane lambar binari da ke rabuwa da uku, da hujjar da ke tabbatar da ita

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta da ya shiga darasin ka'idar otomata yakan ci karo da wannan tambaya tun a makonnin farko: ƙera na'urar da za ta karanta jerin 0 da 1, ta karɓe shi idan lambar da yake wakilta tana rabuwa da uku ba saura, ta ƙi shi idan ba ta rabuwa. Zanen amsar ƙarami ne, da'ira uku da kibiya shida, kuma da yawa sukan haddace shi. Ruɗanin yana zuwa ne idan aka ce su faɗi dalilin da ya sa kibiyoyin suka nufi inda suka nufa, ko su kawo hujjar cewa na'urar ba za ta taɓa kuskure ba komai tsawon jerin. A kan wannan sai a ƙara wasu tambayoyi da malamai kansu ba su yi ittifaƙi a kai ba, kamar hukuncin jerin da babu komai a cikinsa, da jerin da ya fara da sifili.

## Ma'anar kalmomin

Binari tsarin rubuta lamba ne da alama biyu kacal, 0 da 1, kowace ana kiranta bit. A lissafin da muka saba, kowane gurbi ya ninka na damansa sau goma. A binari sau biyu ne: daga dama, guraben suna da darajar 1, 2, 4, 8, 16, haka har gaba. Saboda haka `10101` na nufin 16 da 4 da 1, wato 21.

Otomaton kuwa na'ura ce ta lissafi da ake zanawa a takarda, ba ta ƙarfe ba. Irin wadda ake magana a nan ita ce ake taƙaita sunanta da DFA. Tana da wurare ƙidayayyu da za ta iya tsayawa a cikinsu, waɗanda za mu kira zanguna. Tana tashi daga zangon farko, ta karanta bit ɗaya, ta bi kibiyar da ke ɗauke da wannan bit zuwa wani zango, ta karanta na gaba, har jerin ya ƙare. Idan ƙarshen ya same ta a zangon karɓa, ta karɓi jerin. Idan ya same ta a wani wuri, ta ƙi shi. Ba ta komawa baya ta sake duba abin da ta wuce, ba ta da allon da za ta rubuta komai. Duk abin da ta sani game da tafiyar da ta yi shi ne sunan zangon da take ciki yanzu.

Tushen wannan tunani ya koma ga aikin Warren McCulloch da Walter Pitts na 1943 kan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, da na Stephen Kleene a shekarun 1950, sannan Michael Rabin da Dana Scott suka tsara shi a 1959 kusan yadda ake koyar da shi yau.

## Inda matsalar take, da hanyar da ba ta ɓullewa

Lambobi ba su da iyaka, zangunan na'urar kuwa suna da iyaka. Don haka ba zai yiwu ta riƙe lambar da take karantawa ba. Dole a nemo wani ɗan abu game da lambar wanda ya isa a yanke hukunci da shi, kuma wanda za a iya sabunta shi duk lokacin da sabon bit ya shigo.

Abin da ke fara zuwa wa mutane a rai shi ne dabarar firamare: a haɗa alƙaluman lamba, idan jimillar ta rabu da uku to lambar ma ta rabu. Sai su ce a ƙirga 1 nawa ke cikin jerin. Misali biyu sun isa su rushe wannan. `11` yana da 1 guda biyu, amma uku ne, yana rabuwa. `111` yana da 1 guda uku, amma bakwai ne, ba ya rabuwa. Dabarar firamare tana aiki ne saboda 10, 100, 1000 duk suna barin saura 1 idan an raba su da uku, don haka kowane gurbi nauyinsa ɗaya. A binari guraben 1, 2, 4, 8, 16 suna barin saura 1, 2, 1, 2, 1, suna musanyawa. Nauyin bit ya dogara da gurbin da yake zaune.

## Ƙera na'urar daga saura

Mafita tana cikin lura da abin da ke faruwa idan aka liƙa bit a ƙarshen jeri. Liƙa 0 yana ninka lambar sau biyu: `101` biyar ne, `1010` goma ne. Liƙa 1 yana ninka ta sau biyu ya ƙara ɗaya: `1011` goma sha ɗaya ne.

A ɗauka mai goro yana kasa goronsa uku-uku, kuma abin da ya dame shi kawai shi ne guda nawa za su rage ba su cika kashi ba. Idan aka ninka masa goron, kasusuwan da suka riga suka cika za su zama cikakku biyu-biyu, ba ruwansa da su. Ragowar ce kawai zai ninka ya sake dubawa. Ragowar kuma ba ta wuce ɗaya daga cikin abu uku: babu, ɗaya, ko biyu. Zanguna uku ke nan: `q0`, `q1`, `q2`, kowane da sunan sauran da yake wakilta. Ƙa'idar tafiya daga saura `r` idan an karanta bit `b` ita ce wannan, inda `mod 3` ke nufin sauran da ya rage bayan an raba da uku:

```
δ(r, b) = (2r + b) mod 3

        0     1
q0     q0    q1
q1     q2    q0
q2     q1    q2
```

Kowane gurbi a jadawalin lissafi ne ya haife shi. Daga `q1`, bit 0 yana ba da 2, sai `q2`. Bit 1 yana ba da 3, wanda sauransa sifili ne, sai `q0`. Daga `q2`, bit 0 yana ba da 4, saura 1. Bit 1 yana ba da 5, saura 2, na'urar ta tsaya inda take. Zangon farko `q0` ne, shi ne kuma zangon karɓa tilo.

Mu bi `10101` daga hagu. Bit na farko 1 ne, lambar da aka karanta 1 ce, na'urar tana `q1`. Sai 0: lambar ta zama 2, tana `q2`. Sai 1: lambar 5, saura 2, tana nan a `q2`. Sai 0: lambar 10, saura 1, ta koma `q1`. Sai 1: lambar 21, saura sifili, ta sauka a `q0`, ta karɓa. Shi kuwa `1101`, wato 13, yana bi ta `q1`, `q0`, `q0`, ya ƙare a `q1`. Ya ratsa zangon karɓa har sau biyu a hanya, domin 3 da 6 suna rabuwa, amma hukunci na wurin da tafiya ta ƙare ne, don haka an ƙi shi.

## Dalilin da gwaji bai isa ba

Wasu na ganin idan an gwada lambobi da dama na'urar ta ba da amsa daidai, magana ta ƙare. A ɗauka wani ya yi kuskure ya musanya kibiyoyin `q2`, ya sa 0 ta tsaya a `q2`, 1 kuma ta tafi `q1`. Wannan gurɓatacciyar na'ura za ta ba da amsa daidai a kan kowace lamba daga 0 har 8. Za ta karɓi 12 da 15 ma, domin `11`, `110`, `1100` da `1111` ba sa taka `q2` ko sau ɗaya. Sai a kan 9, wato `1001`, asirinta zai tonu: za ta ƙare a `q1` ta ƙi lambar da ya kamata ta karɓa. A kan 11 kuma, `1011`, za ta karɓi abin da ya kamata ta ƙi. Wanda ya gwada 3, 6, 12 da 15 kaɗai zai tashi da tabbacin da ba shi da tushe.

Gwaji yana iya nuna akwai kuskure, amma jerin da za a iya bai wa na'urar ba su ƙirguwa, ba a gama gwada su. Shi ya sa ake buƙatar hujjar da ta rufe su gaba ɗaya.

## Hujjar

Hanyar ita ce wadda masana lissafi ke kira indokshan: a nuna magana gaskiya ce ga mafi gajartar jeri, sannan a nuna cewa muddin gaskiya ce ga wani jeri, to gaskiya ce idan an ƙara masa bit ɗaya. Tunda kowane jeri ana gina shi ne bit bayan bit, babu wanda ya tsira.

Da farko a fayyace darajar jeri, inda `ε` ke nufin jerin da babu komai a cikinsa:

```
val(ε)  = 0
val(wb) = 2·val(w) + b
```

Wurin da aka fi zamewa shi ne zaɓen maganar da za a tabbatar. Abin da ake so a ƙarshe shi ne: na'urar tana karɓar jeri idan yana rabuwa da uku, tana ƙin sa idan ba ya rabuwa. Amma idan aka ɗora indokshan a kan wannan magana kai tsaye, za ta maƙale. A ce an san cewa na'urar ta ƙi `w` kuma `w` ba ya rabuwa, sai aka ƙara bit 1. Me zai faru? Idan `w` shi ne `1`, an samu `11`, uku, yana rabuwa. Idan `w` shi ne `10`, an samu `101`, biyar, ba ya rabuwa. Sanin cewa an ƙi `w` bai faɗa mana ko na'urar tana `q1` ko `q2` ba, don haka ba mu san inda kibiya za ta kai ta ba. Dole a ɗauki magana mai ƙarfi fiye da wadda ake nema, wadda ta bayyana ma'anar kowane zango:

Bayan karanta kowane jeri `w`, na'urar tana zangon da lambarsa ita ce `val(w) mod 3`.

Matakin tushe: kafin a karanta komai, darajar sifili ce, sauranta sifili, na'urar kuma tana `q0`. Maganar ta tabbata.

Matakin ci gaba: a ɗauka maganar gaskiya ce ga `w`. A rubuta darajarsa a matsayin `3k + r`, inda `r` yake 0, 1 ko 2. Bisa abin da aka ɗauka, na'urar tana zangon `r`. Idan aka ƙara bit `b`:

```
val(wb) = 2(3k + r) + b
        = 6k + (2r + b)
```

Kashin `6k` yana rabuwa da uku ko nawa ne `k`, don haka ba ya taɓa saura. Sauran `val(wb)` daidai yake da sauran `2r + b`. Wannan kuwa shi ne ainihin zangon da jadawalin ya tura na'urar. Wanda ya zana kibiyoyinsa da hannu sai ya bi guraben shida ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar kowane ya dace da ƙa'idar: `2r + b` yana ba da 0, 1, 2, 3, 4, 5, sauransu kuma 0, 1, 2, 0, 1, 2. A wannan dubawar ce gurɓatacciyar na'urar ɗazu za ta faɗi nan take, a gurbi na biyar.

Rufe hujjar sai da fuska biyu, kuma masu rubuta amsa kan manta da ta biyu. Idan lambar tana rabuwa da uku, sauranta sifili ne, na'urar tana `q0`, ta karɓa. Idan na'urar ta karɓa, tana `q0` ke nan, saura sifili ne, lambar tana rabuwa. Nuna ta farko kaɗai bai isa ba, domin na'ura mai zango ɗaya da ke karɓar komai ma ta cika wannan sharaɗi.

## Wuraren da ake saɓani

Na farko shi ne jerin da babu komai. Na'urar mai zango uku tana karɓarsa, tunda daga `q0` take tashi. Masu goyon bayan haka suna cewa an riga an ba shi darajar sifili, sifili kuwa yana rabuwa da uku, kuma hujjar ta fi tsabta a haka. Masu adawa suna cewa rashin rubutu ba lamba ba ne, kamar yadda gurbin da aka bari fayau a fom ba a karanta shi sifili. Kowane ɓangare yana da hujja, abin da ke raba gardama shi ne yadda aka rubuta tambayar. Idan ana so a ƙi shi, sai a ƙara sabon zangon farawa wanda ba na karɓa ba, 0 ta kai daga shi zuwa `q0`, 1 zuwa `q1`. Zanguna sun zama huɗu, matakin tushe na hujjar kuma ya koma jeri mai bit ɗaya.

Na biyu shi ne sifili a gaba, kamar `0011`. Na'urar tana ɗaukarsa uku, domin 0 a `q0` ba ya motsa ta. Masu aikin kayan lantarki sun saba da haka, tunda lamba a rajista, wato gurbin ajiya a cikin kwamfuta, faɗinta ƙayyadadde ne, ana cike gabanta da sifili. Wanda yake son kowace lamba ta zama da rubutu ɗaya tak zai buƙaci zanguna shida: ukun nan, da na farawa, da na karɓar `0` shi kaɗai, da mataccen zango da ba a fita daga cikinsa.

Na uku shi ne ɓangaren da ake fara karatu. Duk abin da ya gabata ya ɗauka daga hagu ake farawa, daga bit mai nauyi. Wasu na'urorin sadarwa kuwa bit mafi ƙanƙanta suke fara aikawa. A nan liƙa bit ba ninkawa yake yi ba, ƙara darajar sabon gurbi yake yi, wadda sauranta ke musanyawa tsakanin 1 da 2. Ƙirar kai tsaye za ta riƙe saura da kuma ko gurbin mara ne ko cika, zanguna shida ke nan. Sai dai idan aka haɗe zangunan da ke aiki iri ɗaya, ana dawowa kan na'urar nan mai zango uku. Dalili shi ne saura 2 daidai yake da ragin 1, don haka lamba tana rabuwa da uku idan bambancin adadin 1 da ke guraben cika da na guraben mara yana rabuwa da uku. Juya jeri baya ko dai ya bar wannan bambanci yadda yake ko ya juya alamarsa, kuma babu wanda ke taɓa rabuwar: `10010` sha takwas ne, juyinsa `01001` tara ne.

Abu biyu ne ya kamata a kiyaye a nan. Sunayen zangunan sun daina nufin saura, domin `10` biyu ne amma juyinsa `01` ɗaya ne, don haka hujjar da ke sama ba ta hau wannan karatu ba sai an sake gina ta. Sannan dacewar ta uku ce, ba ta kowace lamba ba. A rabuwa da biyar, `11001` shi ne 25, juyinsa `10011` kuwa 19 ne.

## Za a iya da ƙasa da zango uku?

Ba za a iya ba, kuma hujjar gajeriya ce, daga tunanin da ake jingina wa John Myhill da Anil Nerode a ƙarshen shekarun 1950. A ɗauki jeri uku: `0`, `1`, `10`. Idan na'ura tana da zango biyu kacal, dole biyu daga cikinsu su ƙare a zango ɗaya, kuma daga nan duk abin da aka liƙa musu hukunci ɗaya za su samu. `0` ba zai haɗa zango da sauran biyun ba, domin shi ana karɓarsa su ana ƙin su. `1` da `10` ma ba za su haɗu ba, domin liƙa 1 yana mai da na farko 3, na biyu 5.

Hanyar saura tana aiki ga kowace lamba `n` da aka tsayar tun farko, da zanguna `n`. Idan `n` mara ce, wannan adadi shi ne mafi ƙaranci. Idan cika ce da ta wuce biyu, ana iya ragewa. A rabuwa da shida, saura 1 da 4 suna zuwa wuri ɗaya a kan kowane bit, haka 2 da 5, don haka zanguna huɗu sun wadatar.

## Abin da wannan ke nufi a aikace

Ga mai rubuta manhaja, na'urar layuka kaɗan ce:

```python
def rabu_da_uku(w):
    r = 0
    for b in w:
        r = (2 * r + int(b)) % 3
    return r == 0
```

Amfaninta yana fitowa idan lambar ta yi tsawo. Gurbin ajiya mai bit 32 na lambobin da ba ƙasa da sifili ba ba ya ɗaukar abin da ya wuce 4,294,967,295. Lambar 4,294,967,298 tana rabuwa da uku, amma shirin da ya tara ta a irin wannan gurbi zai zagayo ya ga 2, ya ce ba ta rabuwa, ba tare da wani gargaɗi ba. Na'urar saura ba ta da wannan matsala: bit biyu na ajiya sun ishe ta ko jerin ya kai bit miliyan, kuma mataki ɗaya take yi wa kowane bit. Irin wannan tunani na riƙe saura maimakon dukan lamba shi ne ke ƙarƙashin alƙaluman tantancewa. Lambar asusun banki ta NUBAN a Najeriya alƙaluma goma ce, na ƙarshe kuma ana samo shi ne daga sauran rabawa da goma, yadda za a iya gane yawancin kurakuran bugawa tun kafin a tura kuɗi.

Akwai iyakokin da ya kamata mai amfani ya sani. Na'urar ta ɗauka lambar ba ta ƙasa da sifili ba ce. A tsarin da kwamfutoci ke rubuta lambobin ƙasa da sifili, −3 a bit takwas shi ne `11111101`, wanda na'urar za ta karanta 253 ta ƙare a `q1`, alhali −3 yana rabuwa da uku. Haka kuma dole a san mai rabawa tun kafin a zana na'urar. Idan shi ma a cikin jerin zai zo, sauran da za a riƙe ba shi da iyaka, kuma babu DFA da za ta iya wannan aiki.